Tes ɗin da na rubuta da hannuna, yaya zan san ya auna gaskiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na yi wa ɗalibaina tes na tsakiyar zango, tambaya 20. Yarinyar da ta fi kowa ɗaga hannu a aji ta ci 9, wani yaro da ban taɓa jin bakinsa ba ya ci 14. A kwaleji an koya mana cewa jarrabawa tana bukatar inganci da tsayuwa. Na haddace, na ci, na wuce, amma ban san yadda ake duba su a takardar da na rubuta da kaina ba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malam. Mu fara leƙa kasuwar hatsi, don a can kowa ya san bambancin abubuwan nan biyu tun kafin ya shiga aji. Akwai mai awon da aka bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki. Ko sau goma ya auna maka gero, abu ɗaya zai ba ka, ba ragi ba ƙari. Mudunsa yana da tsayuwa, magana ɗaya yake yi, sai dai maganar ƙarya ce, domin abin da yake kira mudu bai kai mudu ba. Akwai kuma wanda mudunsa lafiya lau, hannunsa ne ba ya tsayawa: wannan ya cika masa har ya zuba, wancan ya shafe masa baki. Shi ma ba ka san abin da ka saya ba. To haka tes yake. Inganci shi ne makin ya nuna ainihin abin da ka ce kana aunawa. Tsayuwa ita ce in da za a sake awon, da wasu tambayoyi makamantan waɗannan ko da wani mai makin, yaron zai faɗo kusa da inda ya faɗo da farko. Tes ɗin da ba shi da tsayuwa ba zai taɓa yin inganci ba, amma tsayuwa ita kaɗai ba ta ishe shi ba, mai bugaggen mudu ne shaida.

Ban ga takardarka ba, saboda haka zan bi da kai ta kan wata tawa, wadda na yi wa wani aji mai ɗalibai 40 shekarun baya, ita ma tambaya 20, kowace da zaɓi huɗu. Duk abin da na yi mata za ka iya yi wa taka da biro da takarda da wayarka.

Inganci: abin da aka koyar da abin da aka tambaya

Mafi yawan aikin duba inganci kafin ranar tes ake yin sa, kuma babu lissafi mai wuya a ciki. Ka buɗe littafin da kake rubuta abin da ka koyar kowane mako, ba sikim ɗin da aka ba ka ba, abin da ka koyar da gaske. A nawa, mako biyar ne: mako biyu a kan firakshan, mako biyu a kan kashi cikin ɗari, mako ɗaya a kan riba da faɗuwa. In tambaya 20 ce, adalci shi ne firakshan ya samu 8, kashi cikin ɗari ya samu 8, riba da faɗuwa 4. Da na ƙirga abin da na rubuta, sai na ga firakshan ya kwashe 13, kashi cikin ɗari 5, riba da faɗuwa 2 kacal. Ba da gangan na yi ba. Tambayar firakshan ta fi sauƙin ƙirƙira, kuma da dare na zauna na rubuta su, abin da ya fara zuwa kaina shi na zuba. Amma yaron da bai zo makonni biyun farko ba saboda zazzaɓi, ya kuma fahimci sauran makonni ukun ƙarshe sarai, takardata ta riga ta kayar da shi tun kafin ya ɗauki biro.

Maganin wannan ɗan jadawali ne da za ka zana kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya. A gefen hagu ka jera darussan, a sama ka raba gida biyu ko uku bisa irin aikin da kake so yaro ya yi: tuna ƙa'ida, yin lissafi kai tsaye, da amfani da shi a matsalar da bai taɓa gani ba. Littattafan kwaleji sukan kawo matakai shida na Bloom na 1956, amma ga tes na aji uku sun ishe ka. A kowane gida ka rubuta yawan tambayoyin da za su fito, jimilla ta ba ka 20, sannan ka fara rubutu kana cike gidajen. Gidajen sama suna da muhimmanci kamar na gefe, don kana iya raba darussa daidai amma duk tambayoyin su zama misalan da ka yi a allo, ka canza lamba ɗaya kawai. Irin wannan tes hadda yake aunawa.

In ka gama, ka ba wani abokin aikinka mai koyar da lissafi takardar ba tare da jadawalin ba. Ka ce ya amsa kowace tambaya, ya kuma rubuta a gefenta darasin da yake ganin tana gwadawa. Duk inda amsarsa ta saɓa da taka, ko ya sa tambaya a gidan da ba nan ka nufa ba, ka tsaya a kanta. Minti ashirin ne aikin, a ofishin malamai lokacin tara.

Abin da ya fi cin ingancin tes a wurinmu

Jadawali zai nuna maka abin da ya ɓace daga takarda. Ba zai nuna maka abin da ya kutso cikinta ba tare da an gayyace shi ba, kuma a makarantunmu babban mai kutsen Turanci ne, kamar yadda Faransanci yake ga 'yan'uwanmu malamai a Nijar. A takardata akwai tambayar da ta ce wani ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 400 ya sayar naira 500, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari. Na rubuta ta da dogon Turanci, layi uku, har da kalmomin da ban taɓa furtawa a aji ba. Yara 9 kawai suka ci cikin 40.

Abin da na yi shi ne na kira biyar daga waɗanda suka faɗi, ɗaya bayan ɗaya, na karanta musu tambayar da Hausa: ka saro kaya ɗari huɗu, ka sayar ɗari biyar. Kafin in rufe baki ɗaya ya ce ribar ɗari ce, ya yi shiru kaɗan yana motsa yatsu, ya ce kwata ke nan na uwar kuɗi, ashirin da biyar. Yaron nan yana zama a shagon babansa bayan an tashi. Uku cikin biyar suka samu amsar. Sauran biyun suka ce ashirin, domin sun raba ribar da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye, kuma wannan shi ne kuskuren lissafi na gaske, shi ne abin da nake so tambayar ta kamo mini. Ga yaran ukun farko kuwa, sifilin da na ba su na Turanci ne, na rubuta shi a gidan lissafi.

Ba ina cewa ka daina tambaya da Turanci ba. Jarrabawar kammala aji uku da Turanci za su rubuta ta, dole su saba. Abin da nake cewa shi ne ka san wane awo kake yi. Ka gajarta jimla, ka yi amfani da kalmomin da ka yi darasi da su, kuma in yaro ya faɗi ka san ko malamin Turanci ne ya kamata ya ji labarin. Akwai wasu masu kutsen: lokaci ya yi kaɗan har rabin aji ba su kai tambayoyin ƙarshe ba, sai ya zama sauri kake aunawa, rubutu a allo wanda na bayan aji ba sa gani, yara huɗu a benci ɗaya, inda makin yaro ya danganta da wanda ya zauna kusa da shi. In ka ga takardu uku a jere sun yi kuskure iri ɗaya a wurare iri ɗaya, ba sai an gaya maka ba.

Tambaya ɗaya bayan ɗaya

Bayan ka yi makin, ka jera takardun daga mafi yawan maki zuwa mafi ƙaranci. Ka ware goma na sama da goma na ƙasa, ka ajiye na tsakiya. Masana sukan ce kashi 27 cikin ɗari daga kowane gefe, wanda a aji mai 40 ya kama kusan 11, amma goma ta fi sauƙin rabawa kuma bambancin ba shi da yawa. Sai ka bi kowace tambaya ka ƙirga nawa suka ci a sama, nawa a ƙasa.

Tambayata ta 7, tara suka ci a sama, uku a ƙasa. Ka cire uku daga tara, ka raba da goma, ka samu 0.6. Wannan lambar tana gaya maka yadda tambayar ke rarrabe wanda ya iya da wanda bai iya ba, kuma 0.6 lafiyayya ce. Duk wadda ta kai 0.3 ko ta wuce nakan bar ta yadda take. Wadda ta gaza 0.2 nakan sake karanta ta. Tambaya ta 1 kowa ya ci, goma da goma, ta ba da sifili. Ban jefar da ita ba, don da gangan na sa mai sauƙi a farko yara su nutsu.

Tambaya ta 12 ce ta ba ni kunya. Uku suka ci a sama, shida a ƙasa. Wato raunanan sun fi ƙwararrun ci, lambar ta koma ƙasa da sifili. In ka ga haka, kusan kullum laifin takarda ne. Tambayar ita ce rabi a haɗa da ɗaya bisa uku. Amsa biyar bisa shida ce, tana C. Ni kuma wajen kwafe amsoshi na rubuta B, kuma abin da ke B biyu bisa biyar ne, wanda na sa da kaina a matsayin tarko ga mai haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Na bi takarda 40 ina ba masu kuskure maki ina hana masu daidai, kuma ba yaron da ya zo ya yi ƙorafi, don a wurinsu abin da jan biro ya ce shi ne gaskiya. Ƙirgen nan na rabin awa ne ya tona.

Tsayuwa: raba takarda gida biyu

Hanyar da aka fi ambata a littafi ita ce a maimaita wa yara tes ɗin bayan mako biyu a kwatanta. A aji ba ta cika aiki ba. Suna fita daga ɗakin suke tambayar juna amsa, wasu su je su koya, kai ma ka ci gaba da darasi, sai ka rasa ko tes ne ya motsa ko yaran. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne ka mai da tes ɗaya ya zama biyu. Kowane yaro ka fitar masa maki biyu: abin da ya ci a tambayoyi na 1, 3, 5 har 19, da abin da ya ci a na 2, 4, 6 har 20. Kada ka raba goma na farko da goma na ƙarshe, domin darussan sun bambanta, masu wuya sukan taru a ƙarshe, ga gajiya. In tes ɗin yana da tsayuwa, wanda ya ci 8 a rabi ɗaya zai ci 7 ko 9 a ɗayan. In kana yawan ganin 8 da 3, akwai matsala, ko da ido ma ka gani.

Don samun lamba, ka buɗe Excel ko Google Sheets a waya, ka zuba makin rabi na farko a layin B, na biyu a layin C, daga gida na 2 zuwa na 41, ka rubuta:

```
=CORREL(B2:B41,C2:C41)
```

Nawa, bayan na gyara makin tambaya ta 12, ya ba da 0.55. Amma wannan tsayuwar tes mai tambaya goma ce, alhali naka ashirin ne, kuma dogon tes ya fi gajere tsayuwa. Ana gyara wannan da ƙa'idar Spearman da Brown, wadda take nan tun 1910:

```
r = 2 × 0.55 / (1 + 0.55) = 0.71
```

Lambar tana tafiya daga sifili zuwa ɗaya. Ga tes na aji wanda za a haɗa makinsa da na wasu ayyuka, ni ina gamsuwa da 0.7. In ta sauko wajen 0.5, ba na yanke wa yaro hukunci da shi. Manyan jarrabawa da ake ba da shaida da su ana nema musu 0.9 ko kusa da haka, kada ka auna kanka da su. Za ka ji ana ambaton KR-20 na Kuder da Richardson ko alfa ta Cronbach, duk dangin wannan ne, abu ɗaya suke ƙoƙarin faɗa.

Ita 0.71 ɗin ba ta da daɗin fahimta sai an mai da ita maki. Ka zuba jimillar makin kowane yaro a layin D, ka nemo yadda makin ya bazu, sannan ka fitar da kuskuren awo:

```
=STDEV(D2:D41)
=3.5*SQRT(1-0.71)
```

Na farkon ya ba ni 3.5, na biyun ya ba ni 1.9, a ce maki 2. Ma'anarsa, yaron da ya ci 11, ainihin matsayinsa yana tsakanin 9 da 13, kuma ko wannan ma sau biyu cikin uku ne yake zama gaskiya. Ka duba abin da wannan ke nufi in makin ci 10 ne. Wanda ya ci 9 da wanda ya ci 11, takardata ba ta da ikon cewa ɗaya ya fi ɗaya, amma ni na rubuta wa wannan ya faɗi, wancan ya ci. Tun daga lokacin, duk wanda ya faɗo cikin maki biyu na layin ci, sai na duba aikinsa na aji da na gida kafin in rubuta komai. Dalilin da ya sa ake tara makin zango daga ayyuka da yawa ke nan, ba don a cika fom ba.

Daga ina wannan rawar take zuwa? Wani ɓangare daga canki-canka ne: tambaya 20 mai zaɓi huɗu, wanda bai san komai ba zai iya tsintar kusan 5, yau 3 gobe 7. Wani ɓangaren daga ƙarancin tambayoyi ne, don goma ko ashirin ɗiban cokali ne daga tukunya. In da na ninka tambayoyina zuwa 40 masu kyau iri ɗaya, ƙa'idar nan ta nuna 0.71 za ta hau zuwa 0.83. Minti arba'in na darasi ba zai ɗauki 40 ba, amma tes biyu masu tambaya 20 a makonni daban, a haɗa makinsu, sun yi aikin.

In akwai ɓangaren da yara ke nuna aiki ko rubuta bayani, to hannun mai awo ya shigo. Ka ɗebo takarda goma, ka naɗe sunayen, ka yi makin a wata takarda daban ba a jikinsu ba. Bayan mako ɗaya ka sake, ko ka ba abokin aikinka. Ranar da na fara gwada kaina, takarda ɗaya na ba ta 12 da safe, na ba ta 16 bayan kwana bakwai, ni ɗin nan. Abin da ya rage mini wannan shi ne rubuta rabon maki tun kafin in taɓa takarda, maki nawa ga hanya, nawa ga amsa, da kuma bin tambaya ɗaya a duk takardun kafin in koma ta gaba. In ka bi takarda ɗaya daga sama har ƙasa, kyan rubutun yaro da amsarsa ta farko suna bin ka har ƙarshe.

Iyakar waɗannan lambobi

Yara 40 ba su da yawa. In ka ba wani aji takardar nan, 0.71 tana iya zama 0.6 ko 0.8, kuma lambar kowace tambaya da aka fitar daga goma da goma ta fi haka rawa. Saboda haka ina ɗaukar su a matsayin yatsa mai nuna inda zan duba. Haka nan in ka koyar da kyau har kusan kowa ya ci 17 ko 18, lambar tsayuwa za ta faɗi, don babu tazara tsakanin yaran da za ta kama, kuma wannan ba aibin tes ba ne. Abin da ya fi haɗari shi ne babbar lamba ta ruɗe ka. Takardar da Turanci ya cika ta tana iya ba da 0.85, domin masu Turanci za su ci rabi biyun, marasa shi su faɗi rabi biyun. Bugaggen mudu ke nan. Babu wata ƙa'ida a waya da za ta gano maka wannan, sai jadawalinka da abokin aikinka da yaran da ka kira ka saurara.

Game da ɗalibanka biyu, in tes ɗinka ya yi kama da nawa, yarinyar tana tsakanin 7 da 11, yaron tsakanin 12 da 16. Ba su haɗu ba, don haka da wuya a ce sa'a ce kawai. Ka fara duba amsoshinka ko akwai irin tambayata ta 12. Ka duba waɗanda ta faɗi, ko sun taru a darasi ɗaya, ko a masu dogon Turanci, ko a ƙarshen takarda. Ka tuna wa ya zauna kusa da yaron. Sannan ka kira su daban-daban, ka ba kowanne tambaya uku sababbi, ka ce ya yi yana faɗin abin da yake yi da Hausa. Ka shirya wa yiwuwar cewa takardar ce ta faɗi gaskiya. Ɗaga hannu a aji shi ma awo ne, kuma sau da yawa ƙarfin hali da saurin baki yake aunawa. Na taɓa samun yaro a bencin ƙarshe wanda zango biyu ban san muryarsa ba, ranar da na ba shi alli sai da ya gyara mini layi na uku a allo.